Yadda za ka riƙe kwastoman ƙasar waje duk da ɗauke wuta, raunin sabis da bambancin agogo

Masu fassara, masu zane da masu rubuta manhaja suna yawan tambayar abin da za su fara saya don kada aiki ya riƙa tsayawa. Kafin sayayya akwai lissafi. A yini guda na aiki, sa'o'in da dole sai kana kan intanet kai tsaye ba su cika wuce biyu ko uku ba: lokacin ganawa, lokacin tura aiki, da ɗan lokacin amsa saƙo. Waɗannan sa'o'in ne ake kashe kuɗi a kare. Sauran aikin kuwa a tsara shi yadda zai ci gaba ko babu sabis. Za mu bi matakan da misalin mai zanen tallace-tallace a Kano da ke yi wa wani kamfani na New York aiki.

1. Raba aikinka kashi biyu

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya ka rubuta abin da ba ya yiwuwa sai da intanet a daidai wani lokaci, ɗaya gefen ka rubuta abin da wuta kawai yake buƙata. Mai zanenmu yana da ganawar minti talatin ranar Litinin da Alhamis, yana tura fayil sau biyu a mako, yana duba saƙo safe da yamma. Zanen kansa, wanda ke cin awa shida a rana, a cikin kwamfutarsa yake yi.

Sai ka yi mako guda kana rubuta lokacin da ake kawo wuta da lokacin da ake ɗaukewa a layinku. Kada ka dogara da rukunin da aka sa ku a takardar kuɗin wuta. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan Band A kuɗi an yi musu alkawarin awa 20 a rana, amma abin da ya dame ka shi ne ko awa huɗun da suka rage suna faɗowa a kan lokacin ganawarka.

2. Lissafa wutar da kake ci

A nan mutane suka fi asarar kuɗi, domin mai shago zai tambaye ka nawa gare ka, ba zai tambaye ka me za ka kunna ba. Ma'aunin da kake buƙata shi ne Wh, wato wat ɗin da na'ura ke ja a ninka da awannin da za ta yi a kunne.

Lambar da ke jikin cajar laftof, 45W ko 65W, iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa ce. Laftof na rubutu da fassara yakan ja wat 20 zuwa 30, na zane kuma yakan kai 40 ko fiye idan yana aiki sosai. Ga lissafin mai zanenmu na ranar da ba a kawo wuta ko kaɗan ba:

```
laftof   40W x 8  = 320Wh
rauta    10W x 10 = 100Wh
fanka    20W x 8  = 160Wh
ƙwai     10W x 4  =  40Wh
waya              =  30Wh
jimla             = 650Wh
```

Fankar da ke cikin lissafin nan irin mai caji ce ko mai aiki da batir kai tsaye. Babbar fanka ta tsaye tana jan wat 50 zuwa sama, ita kaɗai za ta fi laftof ɗin ci. Kada kuma ka cire fanka don lissafi ya yi kyau, wanda ya zauna a ɗaki a watan Afrilu ya san ba a aiki babu ita, kuma laftof da ya ɗau zafi yana rage gudu da kansa.

Yanzu batir. Na bolt 12 mai 100Ah yana ɗauke da 1,200Wh a rubuce. Idan na ruwa ne ko irin na dalma da aka rufe, rabin wannan kawai ya kamata ka ci, in ba haka ba zai mutu cikin watanni. Saura 600. Inbata kuma tana cin kasonta wajen juya wutar, kusan kashi 15 cikin ɗari, sai ya zama 510Wh ne ke isowa soket. Bai kai 650 ba. Ke nan mai zanenmu yana buƙatar na dalma mai 200Ah, wanda zai ba shi kusan 1,000Wh, ko kuma na litiyam irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa mai 100Ah. Wannan yana ɗauke da 1,280Wh, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari ba tare da an cutar da shi ba, bayan asarar inbata a samu kusan 870Wh. Ya fi tsada ranar saye, amma yana daɗewa ninkin-ba-ninkin, kuma ya fi jure zafin Arewa.

Gargaɗi: kada ka sayi inbata babba don kawai ta fi cika ido. Inbata tana cin wuta ko ba a jona mata komai ba, kuma babbar ta fi ci. Kayan da ke sama gaba ɗaya ba su kai wat 100 a lokaci guda ba, don haka mai wat 500 zuwa 1kVA ta wadatar. Ka nemi wadda aka rubuta Pure Sine Wave. Mai arhar, wadda ake rubuta wa Modified, tana sa fanka gurnani, tana kuma sa wasu cajoji zafi.

3. Sayi kaya daki-daki

Farashi yana bin dala, abin da aka faɗa yau ba zai kai wata ba, amma jerin abin da ya kamata ya riga wani ba ya canjawa.

Na farko shi ne batirin laftof ɗin kansa. A Windows ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Buɗe fayil ɗin da ya fitar ka gwada DESIGN CAPACITY da FULL CHARGE CAPACITY. Idan na biyun bai kai rabin na farkon ba, canja batir shi ne sayayya mafi arha da za ta ƙara maka awa ɗaya ko biyu.

Na biyu ƙaramin UPS na rauta, akwati ne ɗan ƙarami mai fitar da bolt 9 ko 12. Amfaninsa ya wuce riƙe wuta. Idan aka ɗauke wuta rauta ta mutu, ko da ka tada inji nan take sai ta ɗauki minti ɗaya zuwa uku kafin ta sake kama sabis, kuma a cikin ganawa wannan ya isa a ce ka ɓace. Duba bolt da amfiyar da aka rubuta a ƙasan rautar kafin ka jona. Bolt 12 a kan rauta mai bolt 9 ƙonewa ne.

Na uku fawabank mai cajin laftof. Sai idan laftof ɗinka yana karɓar caji ta USB-C, kuma fawabank ɗin an rubuta masa PD 45W ko 65W. Na waya na gama-gari ba zai yi ba komai girmansa. Kada lambar 20,000mAh ta ruɗe ka, a bolt 3.7 ake ƙirga ta, wato 74Wh, wanda ke isa laftof bai cika wuce 55 zuwa 60 ba. A laftof mai jan wat 40 kusan awa ɗaya da rabi ke nan. Ya isa ganawa da tura fayil, bai isa aikin yini ba.

Sai na huɗu, batir da inbata da sola. Faranti mai wat 300 a Kano, idan ka lissafa awa biyar na cikakkiyar rana ka cire kashi 30 cikin ɗari na asara, zai ba ka wajen 1,050Wh, wanda ya rufe buƙatar mai zanenmu. Lokaci biyu ne lissafin ke gazawa: hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kan farantin, da kuma hadarin watan Agusta. A hunturu ka riƙa share farantin da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. Sola ta nuna darajarta a Oktoban 2024, lokacin da matsalar manyan layukan wuta ta bar jihohin Arewa da dama cikin duhu fiye da mako guda. Wanda inbatarsa da wutar NEPA kaɗai take caji, kwana ɗaya ya yi ya shiga sahun kowa.

Janareta kuwa na ranar larura ne. Ƙaramin inji yana shan wajen rabin lita a awa. Idan lita tana naira 1,000, awa takwas naira 4,000 ke nan, kwana 22 na aiki ya kama naira 88,000 ban da baƙin mai da gyara. Ka gwada wannan da kuɗin batir za ka ga cikin wata nawa zai fanshi kansa. Idan za ka tada shi, tada shi ya caja batir da komai cikin awa biyu, sannan ka kashe.

Gargaɗi: inji a waje yake zama, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri, kuma iskar da ke kisan ba ta da wari. Sannan ka bar shi ya daidaita na minti ɗaya kafin ka jona caja.

4. Layi biyu daga kamfani biyu

Layi biyu na kamfani ɗaya tare suke faɗuwa. Ka sa ɗaya a rauta ko MiFi, ɗaya na wani kamfanin a waya, kuma kullum da data a ciki. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Yammacin Afirka, wasu kamfanonin suka durƙushe kwanaki, wasu kuma da ke bin wata wayar suka ci gaba. Irin wannan ba kullum ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne a yanke wayar ƙarƙashin ƙasa wajen aikin hanya, ko man injin turken sadarwa na unguwa ya ƙare.

Wane kamfani ya fi? Babu amsa ɗaya, domin abin na turken da ke kusa da kai ne. Gwada kowane layi a teburin da kake aiki, a lokacin da kake ganawa, kwana uku a jere. Gwajin ƙarfe goma na safe ba ya gaya maka komai game da ƙarfe takwas na dare, lokacin da duk unguwa ta hau kallon bidiyo. A Speedtest kada ka tsaya a lambar Download. Muryarka da hotonka da fayil ɗinka ta Upload suke fita, ita ce ke yanke hukunci. Ganawar bidiyo mai kyau tsakanin mutum biyu tana son Upload na 1.5Mbps zuwa sama wanda ba ya rawa. Murya kaɗai kuwa ko 0.1Mbps ta isa.

Yankewar murya yawanci daga ɓacewar saƙonni a hanya take zuwa, kuma ga yadda ake ganewa a Command Prompt:

```
ping -n 100 8.8.8.8
```

A ƙarshe zai nuna kashi nawa ya ɓace da matsakaicin jinkiri. Idan asarar ta wuce kashi 2 ko 3 cikin ɗari, ko lambobin suna tsalle daga 60ms zuwa 600ms, wannan layin zai ba ka kunya a ganawa komai kyan gudunsa. Kafin ka zargi kamfani, matsar da rautar kusa da taga, sama da ƙasa, ta ɓangaren turke. Rufin kwano da katangar siminti suna cinye sabis, sau da yawa taku uku ne tsakanin layi mai kyau da marar kyau.

Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a 2023, yana magance matsalar turke, amma ka koma lissafin mataki na 2 tukuna. Babban farantinsa yana jan wat 50 zuwa 75, wato wajen 600Wh a awa goma, abin da zai kusan ninka buƙatar mai zanenmu. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana katse shi na ɗan lokaci, don haka layin waya bai zama abin yarwa ba.

Gargaɗi: duk lokacin da ka jona laftof da wayarka, shiga Settings, Network & internet, ka kunna Metered connection a kan wannan layin. In ba haka ba Windows zai fara sauke sabuntawa a ɓoye, ya cinye datar da ka ajiye don ranar larura.

5. Shirya kwamfuta ta yi aiki babu sabis

Da zarar an ba ka aiki, sauke duk abin da ya shafe shi: fayiloli, hotuna, umarnin kwastoma, nau'in rubutu. Mai aiki a Google Docs ya kunna Offline a Settings na Google Drive, sannan ya sa wa takardun da yake kai Available offline, tun da sauran sabis. Manhajojin da ake biyan kuɗinsu wata-wata suna son leƙa intanet lokaci-lokaci don tabbatar da lasisi, ka buɗe su kana kan layi kafin tafiya ko kafin ranar da ka san za a sha wahala.

Babban fayil kada ka tura shi ta shafin burauza idan sabis na rawa, domin yankewa ɗaya tana iya mayar da kai farko. Manhajar Google Drive ko Dropbox ta kan kwamfuta tana ci gaba da kanta idan layi ya dawo. Lissafa lokacin tun kafin ka yi alkawari: 1GB daidai yake da 8,000 na megabit. Fayil ɗin mai zanenmu 2GB ne, Upload ɗinsa 2Mbps, wato daƙiƙa 8,000, awa biyu da minti goma sha uku, idan ba a samu tangarɗa ba. Wanda ya gama aiki saura minti ashirin wa'adi ya cika ya riga ya makara. Sassafe bayan Asuba layi ya fi sakewa, shi ne lokacin manyan fayiloli.

6. Daidaita agogo a rubuce

Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna kan UTC+1 duk shekara, Ghana kuma tana bayansu da awa ɗaya. Mu ba ma taɓa agogo, amma Amurka da Turai suna taɓawa, kuma ba rana ɗaya ba. Yawancin Amurka tana tura agogo gaba ranar Lahadi ta biyu a Maris, ta dawo da shi Lahadin farko ta Nuwamba. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suna yi Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Ga abin da hakan ke nufi. Daga Maris zuwa Nuwamba muna gaban New York da awa biyar, sauran watannin da awa shida. California awa takwas ko tara. Landan daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, bayan nan tana bayanmu da awa ɗaya. Jamus kishiyar haka ce, daidai da mu a lokacin sanyinsu, gabanmu da awa ɗaya a lokacin zafinsu. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da uku, Indiya da huɗu da rabi, kuma waɗannan ba sa canjawa.

Ganawar mai zanenmu ƙarfe 10 na safe ce a New York. A watan Yuli ƙarfe 3 na rana ke nan a Kano. Ranar Litinin ta farko bayan canjin Nuwamba sai ta koma ƙarfe 4, daidai La'asar, ba tare da kowa ya sanar da shi ba, domin a wurin kwastoma babu abin da ya canja. A Maris abin ya fi muni: ganawar ta matso gaba da awa ɗaya, wanda ya saba da ƙarfe 4 zai shigo ya tarar an watse. Maganin shi ne kada ka rubuta lokacin a takarda ko ka riƙe a ka. A sa shi a Google Calendar da agogon garin kwastoma, shi zai juya maka da kansa. A Settings ka kunna Display secondary time zone don ka riƙa ganin agogo biyu gefe da gefe.

Wa'adin miƙa aiki ma a rubuta shi da sunan wata, da awa, da sunan gari. Ba'amurke idan ya rubuta 03/04 yana nufin 4 ga Maris, Bature ɗan Birtaniya kuma 3 ga Afrilu. Idan aka ce maka ƙarshen ranar aiki, tambayi ƙarfe nawa kuma a wane gari. Ƙarfe 5 na yamman New York ƙarfe 10 ne ko 11 na dare a nan, wannan rangwame ne gare ka. Kwastoman Indiya kuwa da ya ce ƙarfe 9 na safe yana nufin 4:30 na asubarka, aikin daren jiya ne ke nan.

Faɗi sa'o'inka tun ranar farko. Mai zanenmu ya rubuta musu cewa ana samunsa daga 2 na rana zuwa 6 na yamma agogon Kano, ban da Juma'a da yake farawa ƙarfe 3, kuma saƙon da ya shigo bayan haka da safe zai amsa. Mafi yawan kwastomomi ba sa jayayya da sa'o'in da aka faɗa musu tun farko, abin da ba sa yafewa shi ne a neme ka a rasa a lokacin da ka ce kana nan. Kafin azumi da mako biyu ka sanar da sabon tsari, domin ƙarfe 1 ko 2 na rana a New York yakan faɗo a kan buɗa baki. Mai aiki da Saudiyya ya tuna hutunsu Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce.

Gargaɗi: kada ka amince da ganawar ƙarfe 1 na dare a kai a kai don gudun rasa kwastoma. Mako biyu za ka jure, na uku aikin rana zai fara lalacewa. Da mutanen California ku tsaya a 8 zuwa 10 na safiyarsu, wato yammacinka.

7. Minti goma sha biyar kafin ganawa

Cire laftof daga dogaro da wutar gari: batir cike, fawabank a gefe, rauta a kan UPS. Kunna Hotspot na layi na biyu, ka tabbatar laftof ya taɓa haɗuwa da shi ya riƙe kalmar sirri. Buɗe manhajar ganawar a waya ma, da adireshin taron a shirye. Dakatar da Google Drive ko Dropbox, domin idan suna tura fayil a bayan fage za su shaƙe muryarka. Sa abin kunne mai waya, na Bluetooth yana iya mutuwa a tsakiyar magana, kuma yana da kyau makirufo ya kasance kusa da baki idan injin maƙwabta na ruri.

Idan murya ta fara sarƙewa, bi wannan jerin: kashe HD, in bai yi ba kashe kyamara gaba ɗaya, in bai yi ba koma layi na biyu, in bai yi ba shiga ta waya. Bidiyo yana cin rabin gig zuwa gig guda a awa, murya kuwa ba ta kai 100MB ba, don haka ko ragowar data ta isa a ƙarasa taro. Bayan an tashi, rubuta abin da aka yanke cikin layi uku ko huɗu ka tura musu. Idan wata jimla ta ɓace maka lokacin da layi ya yanke, a nan za a gyara.

8. Idan duk da haka abin ya faskara

Wa kanka wa'adi na ɓoye, awa 24 kafin na kwastoma. Aikin da za a miƙa Juma'a, a wurinka na Alhamis ne. Babban aiki kuma a miƙa shi gunduwa-gunduwa, ta yadda ranar da komai ya tsaya kwastoma yana riƙe da kashi biyu cikin uku.

Nemi wurin gudun hijira tun kafin buƙata: ofishin haya na masu aikin intanet, shagon ɗan'uwa mai sola, ko otal mai inji. Ka je sau ɗaya ka gwada sabis ɗin wurin, ka san kuɗin zama da lokacin rufewa da minti nawa ne a Adaidaita Sahu. Zai fi kyau ya kasance a wata unguwar da ba ku haɗa layin wuta ko turke ba.

Saƙon jinkiri kuma a tura shi da zarar ka hango matsala, tun wa'adi bai cika ba. Abu uku zai ƙunsa: abin da aka gama, abin da ya rage, da sabon lokaci takamaimai. Misali, cikin harshen da kuke aiki da shi: "Zane huɗu cikin shida suna cikin jakar da muke rabawa. Sauran biyun za su iso kafin ƙarfe 9 na safe agogon New York, Talata 12 ga wata." Dogon bayani kan halin wutar ƙasa ba ya ƙara komai, yana ma iya sa su fara tunanin neman wani. Ka rubuta irin wannan saƙon ka ajiye a waya tun yanzu, ka kuma karɓi hanya ta biyu ta samun kwastoman, imel da WhatsApp ko Slack a waya, domin gajeren rubutu yana ratsawa ko da sabis ya koma 2G.